Ranar da na faɗi jarrabawar Hausa

Har na koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da aka kafe sakamakonmu na shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai ba. Na ci komai, sai darasi ɗaya, tsarin sautin Hausa. Ni Bahaushen Kiru, wai na faɗi a harshen da na sha a nono.

Ban iya kuka ba. Na tsaya gaban allon, abokaina suna ta rungumar juna. Ka'ida ita ce sai na dawo baɗi na maimaita darasin kafin a ba ni shaida, ga shi an yi mini alkawarin aikin koyarwa a firamaren ƙauyenmu.

Na je wajen malamin darasin, ya zaro takardata. Jan biro ta ko'ina. An ce mu nuna tsawon wasali da karin sauti a kalmomi, ni kuwa na yi ta canki. Ya rubuta "fari", ya ce, "Faɗi launi, sannan ka faɗi rashin ruwan sama." Na faɗa. Ya ce, "To, a wanne murya ta sauka?" Na sake faɗar su, ban gane ba. Bakina ya san bambancin, kunnena bai taɓa lura ba.

A motar komawa gida na yi ta fatan kada mu iso. Baba yana sussukar dawa na faɗa masa. Ya dube ni, ya ce, "Hausar? Wadda muke yi yanzu?" Na ce, "Ita, Baba." Ya koma sussukarsa. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Aikin kuwa, wani aka ba. A majalisa samari suka riƙa tambayata ko a samo mini tafinta. Na daina fita, na ce na gama da boko. Watanni ina gona, ba na jin daɗin abinci.

Inna ce ta gaji da ni. Ta ce, "Zaman nan ba zai goge jan biron ba. Ka koma."

Na koma, na zauna cikin ƙannena na makaranta, kaina a sunkuye. Malamin ya koya mini in riƙa yin fito da kalma, in ji inda ta hau da inda ta sauka. Na yi ta jan "gari" na tuwo, ina datse "gari" na mutane, har kunnena ya buɗe. Na ci, da kyar, amma shekarar da aikin ba su dawo ba.

Abin da na koya shi ne, iya magana daban, sanin harshe daban, kuma abin da mutum yake ganin nasa ne shi ya fi bukatar ya zauna ya koya.