Rediyo Ta Rage Magana

Rediyo ake ce mata, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba. Mai kitso ce, shagonta ɗaki ɗaya: madubi, benci, da fanka mai ƙara. In ta kama kanki, kafin ta kai ƙeya kin ji labarin unguwa kaf, har da na kishiyar unguwa. Mijinta direba yakan ce ita sallamarta ma sai an kawo kujera.

To, wannan baiwar Allah ce aka ce ta rage magana, kuma a ranar da ta fi kowace rana nauyi.

Mahaifinta tsohon mai gyaran agogo ne, tsufa ya fara taɓa masa tunani. Da safe ya buɗe ƙofa ya fita, har azahar babu labari. Maigida ya zaga asibiti da ofishin 'yan sanda ya dawo. Ita kuwa ta zauna a benci tana kuka, ta rubuta cigiya a waya, ta tura wa mai kula da shafin unguwa. Sai ga amsa: "Hajiya, ya yi tsawo. Waya layukan farko kawai take nunawa, mutane ba sa buɗe sauran. Ki rage rabi, yanzu zan saka."

Ranta ya ɓaci. Wai mahaifinta ne za a rage!

"Kawo nan," in ji maigida. Ya latsa, ya latsa, ya miƙo mata: An nemi wani tsoho an rasa, wanda ya gani ya kira.

"Haba Malam! Akuya ce ta ɓata? Wa zai tsaya saboda wannan?"

"To naki fa? Sai an gama gaida dangi kafin a san Baba ake nema."

Gaskiya ɗaci gare ta. Ta sake karantawa, ta ga haka ne. Ta buɗe da sallama, ta gaida manya, ta gode wa kawu, ta gode wa goggo, ta nemi afuwar damun jama'a, don a gidansu ba a faɗa wa mutane da buƙata kai tsaye. Maganar ɓatan tana can ƙasa kamar gishiri a gindin tukunya.

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta gyara zama. Ta ɗauko ɓatan ta kai layin farko: mahaifina ya fita da safe bai dawo ba, ga kamanninsa, ga lambata. Gaisuwar ta dunƙule ta a kalma uku. Kawu da goggo ta cire su, tana cewa in sun yi fushi ta je ta durƙusa daga baya. Wuri uku ta rubuta cewa mutumin kirki ne, ta bar ɗaya. Ta karanta a fili, duk inda ta ji tana maimaita kanta ta goge.

Duk da haka bai kai rabi ba. Saura sakin layi biyu, ɗaya sai ya tafi.

Na farko shi ne wanda ta fi so a duniya: yadda mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, Baba ya riƙa zaunar da ita kowace safiya yana yi mata kitso da yatsunsa na gyaran agogo, kitso karkatacce, 'yan aji suna dariya. Daga nan ta koyi sana'a. Na biyun ɗan ƙarami ne: yana ɗaure da agogo biyu, amma zai tambaye ka ƙarfe nawa. Ka amsa masa a hankali, kada ka riƙe masa hannu, yana tsorata.

Ta daɗe tana kallon na farko. Wannan nata ne, ba zai taimaki baƙo ya gane shi a titi ba. Ta danne shi ta goge, ta ji kamar naman jikinta ta yanka. A ƙarshe ta ƙara layi ɗaya: shi ne uwata, shi ne ubana. Ta tura.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Wata mai shagon kaya ce, can bayan tashar mota.

"Ke ce 'yar mai agogo? Yana nan. Ya tambaye ni ƙarfe nawa, na ga agogo biyu, sai na tuna cigiyarki. Ban taɓa shi ba, kujera na ba shi."

Rediyo ta miƙe, waya a kunne, tana laluben takalmi.

"Amma ki yi sauri," in ji matar, "ya ƙi zama. Wai ya makara, zai je ya yi wa 'yarsa kitso kafin a tafi makaranta."