Wayar Baba Laka

Baba Laka ake ce masa, don ba a taɓa ganin ya dawo daga aiki da tufafi masu kala ɗaya ba. Rijiyar burtsatse yake haƙawa. Tun yana saurayi ya shiga aikin yana ɗaukar bututu, har ya zama shi ne mai riƙe injin. Ƙarar injin ta cinye masa kunnen hagu. Matarsa kan ce duk maganar da ba ya so, da wannan kunnen yake saurarenta, shi kuma ya ce ai shi ya sa aurensu ya daɗe.

Aikin ba ya zama wuri ɗaya. Inda babu ruwa can ake kiransu, kuma inda babu ruwa yawanci babu hanya, babu wuta. Sukan yi makonni a daji, wani lokaci har su tsallaka iyaka, su kwana ƙarƙashin mota. Yaransa sun girma suna ganinsa kamar baƙo mai zuwa da tsaraba. Bai taɓa kokawa ba, sai da ciwon zuciya ya kama matarsa. Ƙafafunta suka fara kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matasai uku a baya. Daga nan fita ta zame masa nauyi.

Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, an ɗaure bayanta da roba. A gari tana aiki lafiya, amma da sun bar kwalta sai ta zama fitila kawai. Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a shagon magani, ita ce ta ce ba za ta ƙara yarda ya tafi da ita ba. Ranar da ba ta zuwa aiki ta ja shi kasuwar waya, wurin wani mai gyara da ta sani, wanda ake kira Tabarau.

Shagon Tabarau ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Teburinsa cike da matattun wayoyi da ƙananan sukurori a cikin murafen kwalba. Bai tambayi irin wayar da suke so ba, sai ya tambayi wuraren da Baba Laka ke zuwa. Da ya ji, ya bayyana musu cewa sabis kamar tashoshin rediyo yake, kowane dogon ƙarfen sabis da mitar da yake watsawa a kai. A cikin gari ana amfani da manyan mitoci masu ɗaukar jama'a da yawa, amma ba sa nisa. A karkara kuwa, inda ƙarfe ɗaya ke hidimar ƙauyuka da dama, ƙananan mitoci ne ke kaiwa nesa, irin su ɗari bakwai da ɗari takwas da ɗari tara. Wayar da ba a ƙera ta da su ba, ko an tsaya da ita a gindin ƙarfen ba za ta ji su ba. Kuma abin da kamfani ke amfani da shi a wannan ƙasa ba lallai ne ya zama na maƙwabciyarta ba.

Ya jera musu uku. Ta farko irin wadda kowa ke riƙewa ce, gilashinta da batirinta ana samunsu ko a rumfar bakin tasha, sai dai ba ta da biyu daga cikin ƙananan mitocin. Ta biyu tsohuwa ce da aka shigo da ita daga waje, kyakkyawa, amma don ƙasar da ta fito aka yi mitocinta, batirin kuma ya sha jiki. Ta uku mai kauri ce da nauyi kamar rabin bulo. Tana ɗaukar layi biyu, mitocinta sun cika, batirinta kan yi kwanaki ba a sa mata caji ba.

"Amma zan gaya miki gaskiya, 'yar'uwa," in ji Tabarau. "Wannan ba ta da dangi a kasuwar nan. In gilashinta ya fashe, ni kaina sai na aika an kawo, kuma ba yau ba gobe ba."

Ta daɗe tana juya ta farko da ta uku a hannu. A ganinta wayar da ake gyarawa a ko'ina amma ba ta kamawa a daji ba ta da amfani ga mutumin da rayuwarsa ke daji. Baba Laka ya ce shi dai wadda zai ji muryar uwarsu da ita yake so, sauran su suka sani. Ta ɗauki ta uku, ta sa aka manna mata gilashin kariya da riga mai kauri, ta koya masa kira ta intanet, tunda Tabarau ya ce a wasu wuraren sabis ɗin intanet kaɗai zai samu.

Wayar ta yi abin da aka saye ta dominsa. A tafiye-tafiyen da suka biyo baya ita kaɗai ke kamawa a inda na abokan aikinsa suka yi shiru, har suka riƙa bin layi da yamma don gaida iyalinsu, suna kiransa shugaban sadarwa. Kullum bayan an kashe inji yakan kira gida. Matar ta ba shi labarin maƙwabta, ta yi masa ƙorafin magani mai sa ta yawan zagayawa, ya tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta ci ko ba ta ci ba.

Sai aka ba su aiki a wani kwari bayan duwatsu, can tsallaken iyaka. A gindin injin babu sabis ko ɗigo. Sai an hau wani tudu, kusa da wata busasshiyar bishiya, wayarsa ke kamo sanda ɗaya ta sabis daga wani ƙarfe da ba a ko hango shi. Dutsen ƙasan wurin ya yi tauri, aikin ya ƙi ci. Wata rana suna kwance bututu, babban sifana ya kuɓuce ya daki aljihun ƙirjinsa. Shi bai ji ciwo sosai ba. Da ya ciro wayar, gilashin ya yi baƙi ƙirin, da tsaga daga sama har ƙasa. Da yamma a kan tudu ta yi ƙara, 'yarsa ce ke kira a lokacin da suka saba. Ya yi ta shafa gilashin da yatsa, ba ta amsa ba, har kiran ya katse.

Suka zare layinsa suka gwada a wayoyin sauran ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ga komai. Washegari ya hau babur zuwa gari mafi kusa, tafiyar rabin yini. Masu gyara uku ne a garin. Na farko ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Na biyu ya zazzage akwatin gilasai yana gwadawa, babu wanda igiyarsa ta dace. Na uku ya ce za a iya aikawa babban birni, amma ba zai yi alkawarin rana ba, ko ma a samu. Mai gyaran ya so ya haɗa masa abin sawa a kunne don ya riƙa amsawa da maɓallinsa, sai ya ga wayar ba ta da ramin, marar igiya kuma ba ya haɗuwa sai an taɓa gilashi. Wayoyin da ake sayarwa a garin duk irin na abokan aikinsa ne.

Ya ari wayar mai gyaran ya kira gida. Matar da kanta ta karɓa, muryarta da ƙarfi, ta ce kumburin ya sauka, ya zauna ya gama aikinsa, kada ya dawo ya cika mata ɗaki da laka. Sannan ya ce a ba 'yarsa.

"Uwata, wayar tana ƙara, amsawa ce ba na iyawa. Kada ki kira don gaisuwa. In wani abu ya taso, ki yi ta kira, kada ki daina. Zan gane."

Ta ce to. Ta tambaya ko ba zai dawo ba kawai. Ya ce bututu na cikin rami, in ya bar shi ramin zai rufta a kan bututun, kuma babu mai iya injin sai shi.

Ya koma kwarin. Ya rataye wayar a jikin bishiyar cikin leda, don a can kaɗai kira zai shigo. Da an kashe inji sai ya hau ya zauna a ƙarƙashinta, ya juya mata kunnensa na dama, har duhu ya fara. In ba ta yi ƙara ba, sai ya sauko da sauƙi a ransa.

Ranar da jikin matar ya rikice, da safe ne. Numfashi ya ƙi, aka kai ta asibiti. 'Yar ta tsaya a baranda tana kira, kiran na shiga, yana ƙarewa, tana sakewa. Uwar takan buɗe ido ta tambaya ko an same shi, a ce mata ana nan ana nema. A can kuwa injin na ruri a cikin dutse, Baba Laka na riƙe da shi, wayar na kuka a kan tudu babu kowa kusa. Kafin la'asar matar ta cika.

Da yamma ya hau kamar kullum. Baƙin gilashi ba ya nuna kiran da aka rasa, don haka ya zauna bai san komai ba, yana kankare laka daga yatsunsa. Sai wayar ta yi ƙara. Ta katse, ta sake. Ta katse, ta sake. Abokan aikinsa sun ce sun hango shi tsaye da ita a hannu yana danna gilashin da babban yatsa, har tsagar ta yanke shi. Da ya isa gari ya ari waya ya kira gida, ƙaninsa ne ya ɗauka, ya yi masa gaisuwar ta'aziyya kafin ya faɗa masa komai. Kafin ya tsallako iyaka ya iso gida, an riga an binne ta.

'Yar ta tare shi a ƙofa ta ce ita ce ta zaɓi wayar, an gaya mata illarta kuma ta ji. Ya ce mata da ta ɗauki ɗayar, da duk watannin nan bai ji muryar uwarta ba ko sau ɗaya, kada ta ƙara faɗin haka. Ba ta ƙara faɗa ba, amma ta daina bin layin kasuwar waya, ko da hanyarta ce.

Bayan an watse zaman makoki ya koma kwarin, don ramin na jiransa, suka samu ruwa. Ya ci gaba da aikin wasu shekaru, har kunnen daman ma ya fara tafiya, kamfanin ya sallame shi. Yanzu yana zaune a gidan 'yarsa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ba ya fita sosai. In an yi masa magana sai an dafa kafaɗarsa tukuna, ya juyo ya kalli bakin mutum.