Kunnen Malam Arzika Tafinta

Shekara talatin Malam Arzika ya yi yana tafinta a wata kotu a Dutse, yana juya Fillanci zuwa Hausa. Siririn mutum ne, mai hula ɗaya da taurin kai goma. Lauyoyi ba sa ƙaunarsa, ni kuwa ban ga laifinsu ba.

Lauya zai dubi makiyayi ya ce, "Ka daina kai shanu gonar mutumin nan?" Sai Arzika ya ƙi fassarawa. "Allah ya gafarta Malam," zai ce wa alƙali, "tambayar nan goyo gare ta. In ya ce ya daina, ya yarda yana kaiwa a da. In ya ce bai daina ba, nan ma ya yarda. A fara tambayarsa ko ya taɓa kaiwa." Kullum faɗi yake, a'a uwar magana take bugewa, goyon yana nan daram, sai an sauke shi an tuhume shi daban. Haka ya ceci Fulani da yawa daga tara, shi kuma ya yi ritaya da tsohon keke.

Ya koma ƙauyensu kusa da Kiyawa, shi da matarsa Gaji. Ɗansu na fari, Yahuza, ya fita wata Litinin da sassafe zai je kasuwar Shuwarin, ya ce zai yanke ta gona ya tari mota. Shi ke nan. An duba asibiti, an je wurin 'yan sanda, an yi cigiya a rediyo. Ba gawa balle a yi jana'iza, ba labari balle a sa rai. Babu abin da Arzika yake roƙon Allah kamar ya san inda ɗansa yake kafin ya mutu.

Bayan shekara huɗu matar Yahuza, Zuwaira, ta kai maganar aurenta gaban alƙali, aka kira iyayen Yahuza su ba da shaida. Alƙali ya tambayi Gaji ko ta sami wani saƙo daga ɗanta, ko a waya.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Gaji, kanta a sunkuye, "tun da aka rufe rijiyar gona ban ƙara jin muryar yaron nan ba."

Magatakarda ya rubuta cewa ba ta ji ba. Alƙali ya wuce gaba. Kowa a ɗakin a'a ya ji, ban da Arzika. Mutum ba ya cewa bai ƙara ji ba sai in ya ji a da. Ita kuwa rijiyar, busasshiya ce a ƙarshen gonarsu, ciyawa ta lulluɓe bakinta, kuma sai da Yahuza ya kwana huɗu da ɓata aka rufe ta. Arzika ya so ƙwarai a ce kuskuren baki ne.

Suka hau mota suka juyo ƙauye. Da suka isa gida rana na tsaka, unguwa tsit, ko kaza ba ta motsi. Ya zauna a bakin rumbu.

"Gaji, kafin a rufe rijiyar, me kika ji?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Ba shi ba ne, Malam. Mutanen ɓoye ne suka ari muryarsa."

"Yaushe?"

"Washegarin fitarsa, da na je tsinkar yakuwa. Da rana tsaka, ba kowa a gona. Aka ce Inna. Daga ƙasa. Ka san ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba, balle a bakin tsohuwar rijiya. Na toshe kunne na yi ta a'uziyya har gida."

"Sau ɗaya?"

"Kwana uku."

Ba ta gaya wa kowa ba, don an ce wanda ya ba da labarinsu shi suke bi. Abin da kawai ta ce masa a lokacin shi ne rijiyar tana da masu ita, a rufe. Shi kuwa hankalinsa na kan tashoshin mota, ya tara samari, ya hana kowa leƙawa. Suna karatu da ƙarfi suka jera azara cikin sauri, suka bi da ƙasa. Shi ya ɗora ta farko da hannunsa.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya miƙe zai aika a kira masu haƙa.

"Ranar ƙarshe muryar ta yi ƙasa sosai," in ji Gaji. "Ba ya ma cewa Inna. Ruwa yake roƙo." Ta ɗago ta dube shi. "Malam, kai ka yi karatu. Aljani yana jin ƙishirwa?"