Kofi na Tara na Abu Gassan

A bakin Kaka na fara jin sunansa, ina 'yar shekara tara, muna tsinkar zaitun a gonarmu ta gangare. Wani mutum ya wuce a kan tarakta ya ɗaga mana hannu. Kaka ba ta ɗaga nata ba. Ta ci gaba da kakkaɓe reshe, ta ce, "Nazmi ke nan. In ya ba ki ruwa ki sha, amma ki fara ƙirga yatsunki kafin ki miƙa hannu." Sai da na girma na gane Nazmin nan shi ne Abu Gassan mai injin matsar zaitun, ɗan baffan mahaifina, wanda ba ya taka zauren danginmu ko da ranar salla.

Ni ce mai tara labaran gidanmu. Tun da na gama sakandare nake zama gaban tsofaffi ina tambaya. Labarin nan na ji shi daga bakin Baba, na ji daga Kaka, daga baya na ji daga shi kansa. A wajen lissafi bakinsu ɗaya. Sauran ne kowa da nasa.

Kafin abin ya faru, babu wanda danginmu na Shahwan suka yarda da shi kamarsa. Mutum ya kai masa buhunan zaitun ya tafi harkarsa, ya dawo ya ɗauki mansa ba ya ko duba ma'auni. Shi ya sa da zaɓen majalisar ƙauye ya zo, aka sa shi wakilin jerinmu a makarantar da ake zaɓe da ƙidaya. Kujeru tara ne. Jeri uku suka fito: namu, na dangin Awwad, sai wani ƙarami da malamai da matasa suka haɗa. A kan jeri ake dangwala, ba a kan mutum ba, kujerun da jeri ya samu kuma ana bin sunaye ne daga sama. Mahaifina, Bassam, shi ne na biyar a namu. Na biyu a jerin malamai kuwa Talal ne, ƙanen Widad, matar Abu Gassan.

Al'adarmu ce kafin zaɓe a zauna a zaure a ƙirga gida-gida, kowane magidanci ya faɗi ƙuri'un gidansa a kan kofin gahawa, nasa da na matansa da na 'ya'yansa, kamar shi zai shiga ya dangwala musu. Abu Gassan ya ce huɗu: shi, Widad da 'yan matansa biyu, tunda Gassan yana aiki a ƙasar waje.

Ƙidaya ta fito: mu 630, Awwad 375, malamai 213. Ko an haɗa nasu duka biyu 588 ne, ba su kamo mu ba. Wa zai tsaya jiran wani bayani? Wanda ya wuce rabin ƙuri'a ai ya wuce rabin kujeru, haka kowa ya ɗauka, yadda mai zaitun da yawa ke kwasar mai da yawa. Aka ɗaga Baba a kafaɗa. Haj Rashad, dattijon danginmu, ya aika gari a kawo farantan kunafa, kayan zaƙin da muke ci ranar murna. Washegari da hantsi hukumar zaɓe ta ce mu huɗu, Awwad uku, malamai biyu. Awwad da malamai suka haɗe, biyar a kan huɗu, shugabancin majalisa ya kuɓuce mana, kuma Baba yana waje.

Da la'asar aka kira Abu Gassan zaure. Kunafar tana nan a gefe, ba wanda ya taɓa.

"Zauna, mai sa hannu," in ji Haj Rashad. "Kai ne idonmu a makarantar nan. Ka sa hannu a takarda, muka kwana da biyar muka tashi da huɗu. Ina ɗayar ta kwana?"

"Ƙila a gidan surukai," wani ya ce daga baya. Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haj, ƙuri'a na sa wa hannu, kuma daidai suke. Biyar ɗin ku kuka ba kanku. Na ce a dakata da kunafa, wa ya saurare ni?"

"To malam, karantar da mu."

Abu Gassan ya sa aka jera kofunan gahawa tara a tire. Ya juya bayan wani hoton kamfen, ya karɓi biro.

"Haka suka nuna mana ranar da suka tara wakilai. Duk jerin da ya kai kashi takwas cikin ɗari yana cikin rabo, mu ukun duk mun kai. Sai a raba ƙuri'un kowane jeri da ɗaya, da uku, da biyar, da bakwai, da tara, haka. Namu: 630, 210, 126, 90, 70. Na Awwad: 375, 125, 75, sai 53 da ɗoriya. Na malamai: 213, 71, sai 42 da ɗoriya. Lambobi tara mafi girma a cikin duk waɗannan, su ne kujeru."

"Wane ɗan banza ne ya cire biyu da huɗu daga lissafi?" in ji Abu Nidal, wani magidanci a danginmu.

"Doka ce, Abu Nidal, ba ni na rubuta ba. Wasu ƙasashen da ɗaya, biyu, uku suke rabawa, wannan ya fi yi wa manya daɗi. Da ita ce tamu, da biyar ɗinku tana hannu. Tamu tana tausaya wa ƙanana."

Ya fara ɗaukar kofuna. "Na farko namu, 630. Na biyu Awwad, 375. Na uku malamai, 213. Na huɗu namu, 210. Na biyar namu, 126. Na shida Awwad, 125. Na bakwai namu, 90. Na takwas Awwad, 75." Ya tsaya da kofi ɗaya a hannu. "Saura wannan. Mu muna miƙo hannu da 70, Awwad da 53, malamai da 71. Wa zan ba?"

Ya ajiye shi a gefen malamai.

Baba ya ce mini shi a lokacin har ransa ya ɗan yi sanyi, don ya bi lissafin da idonsa bai ga ƙarya ba. Ba a sace komai ba. Da an tashi a nan, da labarin ya ƙare. Amma Haj Rashad ya daɗe yana kallon kofin nan, sannan ya ce, "Saba'in da saba'in da ɗaya. Ɗaya tak. Faɗa mini, ɗan'uwana, mutum nawa ne da sun bar jerin malamai sun zo namu, da kofin ya dawo?"

Abu Gassan ya sunkuya ya rubuta. Nan ne bakin masu ba ni labari ya rabu. Kaka ta ce ya san amsar tun kafin ya shigo. Baba ya ce a'a, ya ga lokacin da biron ya tsaya masa.

"Da biyu ne, mu 632 a raba tara, saba'in da ɗan kaɗan, su 211 a raba uku, sun ɗara mu har yanzu. Da uku ne..." Ya ajiye biron. "Mu 633, saba'in da sulusi. Su 210, saba'in cif. Uku, Haj."

"Uku," in ji Haj Rashad. "Mata nawa ne a gidanka, Abu Gassan?"

Zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Wani ya ce ya ga Widad a gidan Talal ana jibi zaɓe. Wani ya ce ƙaramar 'yar ta fito daga makaranta tana dariya da matar Talal. Abu Nidal ya ce, "Ka yi mana alkawarin huɗu, ka kawo ɗaya, in ma ka kawo ɗayar."

"Gidana ne kaɗai mai suruki a wajen dangi? Kai Abu Nidal, wa ke koyar da 'ya'yanka kyauta da yamma? Mutum ɗari biyu da sha uku ba daga sama suka faɗo ba."

"Ba mu da lokacin ɗari biyu. Uku muke nema."

Haj Rashad ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce abu mai sauƙi ne: a ɗauki Alƙur'ani a je gidan, Ummu Gassan, wato Widad, da 'ya'yanta su dafa su ce jerin Shahwan suka zaɓa, shi ke nan, a ci kunafa a watse.

"Ba za a kai ba," in ji Abu Gassan.

"Tsoron me kake ji?"

"Ban tambaye ta ba, kuma ba zan tambaye ta a gabanku ba. In ta rantse ta ce ku ta zaɓa, ta kunyata ƙanenta. In ta ƙi, kun gama da ita. Labule aka sa musu a makarantar nan, ba ni zan yaye shi ba."

"To zaɓi: ko Littafi ya shiga gidanka, ko kai ka daina shiga nan."

Abu Gassan ya miƙe ya sa takalmansa. Baba ya ce da ya zo wucewa ta gabansa ya ce, "Ka yi haƙuri, Bassam, kai ka fi cancanta." Baba bai ɗago ba.

Daga wannan kaka rabin danginmu suka koma kai zaitun ƙauyen gaba, da kuɗin mota da komai. Waɗanda suka ci gaba da zuwa wurinsa kuwa suka fara tsayawa a kan ma'auni. An yi auren 'yarsa babba, daga gidanmu ba wanda ya je. Widad ta ci gaba da zuwa gidan ƙanenta ta babbar hanya, da rana tsaka, kanta a sama, abin da ya ƙara wa mutane tabbaci. Ni kuma ya ƙara mini ruɗani, don na san matan da suka fi ta laifi suna bin lungu a ɓoye.

Ni ma ban wanke shi ba, gaskiya. Na yi lissafin nan sau da yawa, kullum uku yake ba ni, kamar yadda zai ba duk wanda ke da mutum uku a ransa. Amma mutumin da ke auna man gari da ido, a ce bai san abin da ke cikin gidansa ba? Wani lokacin ina ganin kare matarsa ya yi. Wani lokacin ina ganin kansa ya kare, don in ta dafa Littafi, wa ya san wanda za ta ce ya ba ta shawara?

Bara na kai masa zaitun ɗinmu da kaina, Baba ya yi kamar bai ga fitata ba. Ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar inji. Ya yanko mini gurasa ya tsoma a sabon mai, mai ɗacin nan da ke kama maƙogwaro. Na ce masa ina rubuta labaran dangi. Ya ba ni nasa tsaf, lambobin ma bai manta ko ɗaya ba. Da na tashi tafiya na ce zan biya in gaida Ummu Gassan, sai ya kashe injin.

"'Yar Bassam," ya ce, "ki rubuta duk abin da suka ce na yi, ban hana ki ba. Ki je ki gaishe ta, za ta ji daɗi, shekaru ke nan ba wanda ya shigo daga gidanku. Abu ɗaya nake roƙonki. Za ta ba ki shayi, za ta saki jiki da ke, ƙila ma ta so ta faɗa. Kada ki tambaye ta."