Jirgin da Ba Su Hau Ba

Tun tsakiyar azumi na yi wa 'yata alkawarin zan kai ta wurin wasan yara da Sallah, ita da ƙawarta. Ƙawar 'yar maƙwabtanmu ce a Kambarawa, mutanen Filato, kuma an yi wa babanta canjin wurin aiki. Motar kayansu za ta zo kwana biyu bayan Sallah. Yaran duk shekarunsu biyar, ba su san nisan Jos ba. Abu ɗaya suka sani: akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaya wurin, kuma kujera ɗaya za su zauna.

Ni mace ce mai tsari, har maigidana na yi mini tsiya a kai. Na san a irin wuraren nan kuɗin shiga daban, kowane abin hawa da tikitinsa, ga farashi na tashi da Sallah. Don haka na ware abin da zai isa kowace ta hau abu uku. Na daskarar da zoɓo, na soya cincin, don kada masu saye da sayarwar ciki su yashe ni. Shirina mu isa da hantsi ana buɗe ƙofa, kafin layi ya yi tsawo, su hau jirgi, mu huta a inuwa, mu dawo gida kafin rana ta yi zafi.

Washegarin Sallah muna sa takalma sai maigida ya ce, "Ai kya fara biyawa Ƙofar Durbi ki gaida Hajiya. Ba a ji kun tafi wasa ba ku leƙa ta ba."

Raina ya ɓaci, amma wa zai ce ba zai gaida surukarsa ba?

Hajiya ta tarbe mu da murna. Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa, aka kawo tuwo da miyar taushe. Da na fara gyara mayafi sai ta ce, "Mi kike ma sauri, ɗiyata? Ku bari rana ta yi sanyi." Muka yi azahar a nan. Kafin la'asar 'yata ta riga ta shelanta wa gidan duka inda za mu, sai ga jikokin Hajiya huɗu sun jeru a zaure da kayan Sallarsu. A gidanmu ba a ɗaukar ɗa a bar ɗan ɗan'uwa yana kallo. Na kwashe su a Keke Napep, ina murmushi ina ƙuna a ciki.

Da na biya kuɗin shiga, abin da ya rage bai wuce hawa ɗaya ga kowa ba. Na ce to, jirgi. Na sayi tikiti muka shiga layi.

Ban taɓa ganin layi irin wannan ba. Kamar duk Katsina a nan ta yi sallar la'asar. Jirgin ƙarami ne, sai ya zagayo ya sauke ya ɗauki wasu, mu matsa kaɗan. Idan ka fita, wurinka ya tafi, ga ni ni kaɗai da yara shida, ba wanda zan bar wa layi in kai su inuwa. Zoɓon ya narke ya ƙare. Sabon takalmi ya ci wa 'yata dunduniya, ba ta yi barcin rana ba, sai ta fara kukan nan na gajiya da ba ya jin rarrashi. Na ɗauke ta, barci ya kwashe ta a kafaɗata. Ƙawarta ta riƙe bakin zanena.

Rana na shirin faɗuwa muka iso gaba. Mai karɓar tikiti ya ce, "Malama, a yi sauri, daga wannan sai mu tsaya sallah." Jikokin Hajiya suka haye da gudu. Na girgiza 'yata, na kira ta, na shafa mata ruwa a fuska. Ta buɗe ido ta tsala ihu, ta sake lafewa a kafaɗata.

Na ce wa ƙawarta, "Hau ke kaɗai, ga wuri can."

Ta dubi kujerar, ta dubi 'yata, ta girgiza kai. "Anti, bar ta ta yi barci. Gobe sai mu dawo."

Na kasa ce mata babu goben. Muka tsaya jirgin ya tashi, ita tana ɗaga wa sauran hannu. Har yau idan na tuna, takaici ne ke cika ni, don yarinyar nan ta yi sa'o'i a tsaye ba ta roƙe ni komai ba.

Da asuba motar kaya ta zo. Uwar ƙawar ta shigo muka yi sallama da hawaye, ta ce kada a tashi 'yata, ta gaji. Na yarda, don ni ma ba ni da ƙarfin ganin rabuwarsu.

Sai da hantsi ta farka. Ba ta ko wanke ido ba ta fita da gudu, ƙafa ba takalmi, ta je gaya wa ƙawarta ta shirya. Ina tsakar gida ina jin ta tana buga ƙofarsu, tana cewa ta tashi, yanzu ba ta jin barci.