Muryar Matar Mai Guga

Baba Mai Guga yana guga a rumfar da ke jikin shagona, inda nake tura wa mutane finafinai a waya. Mutum ne mai ƙarancin magana. Gawayinsa ma ya fi shi surutu. Bayan rasuwar matarsa ya ƙara yin shiru.

Wata safiya ya shigo da sabuwar waya, ko ledarta bai cire ba.

“Ɗana, koya mini neman wasan kwaikwayo. Marigayiya ta taɓa fitowa a wani na talabijin. An zo ɗauka a layinmu, aka sa ta ta yi magana. Hotonta ina da shi. Muryar ce ta fara ɓace mini.”

Na jawo masa kujera. Ni irin wannan aikin nake so.

“Baba, abu uku ne. Na farko, sunan ɗan wasa. Wa ka tuna?”

“Malam Tsinke.”

“Wannan sunansa ne a wasa, ba wanda aka raɗa masa ba.”

“To ni na je sunan ne?”

Na sa ya rubuta “Malam Tsinke” tsakanin alamun zance, don injin bincike ya nemo kalmomin a haɗe. Da yatsa ɗaya yake danna wayar, kamar mai taɓa dutsen guga. Sunan mutumin na gaskiya ya fito, da jerin wasanninsa, arba'in da biyu.

“Na biyu, labarin. Ba za ka rubuta shi duka ba, kalma biyu ko uku da suka bambanta shi.”

“Akwai rigima.”

“Baba, duk akwai rigima.”

Ya yi tunani. “Direba ne ya sayar da motar surukinsa.”

Muka ƙara “direba”, “mota”, “suruki”. Saura uku.

“Na uku, shekara.”

Bai sani ba, amma lokacin tana goyon autarsu. Muka ɗauki shekarar haihuwar autar zuwa shekara biyu gaba. Na gargaɗe shi: ranar da ke ƙarƙashin bidiyo ta ɗorawa ce, ba ta ɗauka ba, don haka a jerin wasannin za mu duba. Saura ɗaya.

Muka fara kallo. A kashi na shida ya damƙe hannuna. Ga marigayiyar a ƙofar gida, da goyo, tana nuna wa direban hanya. Bakinta yana motsi. Shiru.

Na ƙure sauti. Sai na ga bayanin wanda ya ɗora: an kashe sautin wurin saboda wata waƙa mai haƙƙin mallaka da ke tashi a baya. Na nemi wani kwafi har azahar. Biyu na samu, duk daga wannan aka kwafa.

“Me ta ce, Baba?”

“Shi na zo tambaya.”

Yanzu ya iya binciken da kansa. Ina hango shi daga shago, kayan mutane jibge, gawayi ya mutu, ya kara wayar a kunne.