Layin da Na Saka da Hannuna

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya, kusa da inda manyan motoci ke jiran tsallakawa Nijar. Mun rubuta wa ƙungiyar direbobi wata manhaja mai tsara layin lodi. Idan layin direba ya zo, sai ta tura masa saƙo a waya. Ni na fara rubuta ta, daga baya aka ɗauko mana wata 'yar Maraɗi da ta ƙware a aikin.

Dokarmu ita ce, wanda ya yi gyara ba ya haɗe shi da uwar manhaja da kansa. Sai ya tura buƙatar haɗewa, ɗan'uwansa ya duba. Kafin nan na'ura za ta gudanar da gwaje-gwajen da muka rubuta, ta faɗi kaso nawa na layukan manhajar gwajin ya bi ta kansu. Namu ya daɗe a sama da tamanin cikin ɗari, ina kuma alfahari da hakan. Na ma saita cewa in ya sauka ƙasa da tamanin, kada haɗewar ta yiwu.

Wata Laraba da hantsi na buɗe buƙatar da 'yar Maraɗin ta turo. Jan rubutu na gani: sittin da ɗaya. Na goge tabarau na sake dubawa, yana nan yadda yake.

"Malama, me kika yi haka?" na ce. "Gwaje-gwajen kika share?"

"Ko ɗaya ban taɓa ba, Malam. Duba layukan da na ƙara tukuna."

Na duba. Duk layin da ta rubuta sabo, gwaji ya bi ta kansa. Sai na ƙara rikicewa, don gyara ɗan kaɗan irin wannan ba zai iya jawo faɗuwa haka ba. Na ci gaba da bin fayilolin da ta taɓa har na kai na ƙarshe, fayil ɗin saitin awo. Layi ɗaya ta cire. Layin yana cewa kada a lissafa jakar fayilolin da ke kula da lambobin waya da tura saƙo.

"Gyarana a cikin jakar yake," ta ce. "Na rubuta gwaji, na ga rahoton bai nuna ta ba sam. Shi ne na bincika."

Wato ba ta rage komai ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manhajar ne aka ɓoye wa ma'auni, kuma in ban da nata, babu gwajin da ya taɓa leƙa shi. Na buɗe tarihin fayil ɗin don in ga wanda ya yi wannan ɗanyen aiki. Sunana na gani. Har da bayanin da na rubuta a lokacin: na wucin gadi ne, zan dawo kansa.

Na nuna mata. Ƙarar injin cika taya na tasowa daga ƙasa.

"In mayar da layin?" ta tambaya a hankali. "Sai jan rubutun ya koma kore, a haɗe."

Wallahi sai da zuciyata ta so. Amma na ce a'a. Na sauke iyakar zuwa sittin, na rubuta dalili ƙarara a ƙarƙashin buƙatar, muka ƙara sharaɗin cewa duk sabon layi sai da gwajinsa. Sannan na amince, aka haɗe.

Bayan azahar muka zauna rubuta wa jakar gwaji. Ta ce mu gwada lambar wayar Nijar yadda ake rubuta ta can, bibbiyu da tazara a tsakani. Gwajin ya faɗi nan take. Ashe manhajar na yanke lambar a tazarar farko, saƙon ya ƙi tafiya, ita kuwa ta haɗiye kuskuren ta rubuta "an tura".

Innalillahi na yi ta maimaitawa. Direbobin Maraɗi sun sha yi mini ƙorafin layi ya wuce su, ni kuma in ce sabis ɗin bakin iyaka ne.

Gyaran bai kai layi biyar ba. Da la'asar na sauka tasha, na tarar da wani dattijon direba cikin masu ƙorafin yana alwala a gefen motarsa. Na gaya masa laifina ne, ba na wayarsa ba.

Ya dube ni da kyau. "Yaro, sau biyu ina canza nimeron waya saboda maganakka. Kwana ukku na taɓa yi nan da wannan motar, kamyo ba lodi."

"Ka yafe ni, Baba."

Ya gama wanke ƙafa. Sannan ya miƙo mini wayar, ya ce in tura saƙon yanzu a gabansa, ya gani.